Kofi Ɗaya, Nauyi Biyu: Yadda Ake Mayar da Awon Kek Zuwa Giram

Da yawa daga cikin tsare-tsaren haɗa kek da biskit da ke yawo a wayoyin mutane daga Amurka suka fito, kuma a can da kofi ake awo. Kofin nasu ma'auni ne na musamman mai cin mililita kusan 240. Na Ostareliya ya ɗan fi shi, yana cin 250. Kofin shayin gida ko gwangwanin madara da ake auna gari da shi a kasuwa ba su shiga wannan lissafi ba, domin kowanne da girmansa.

Ko da an sami kofin na ainihi, da sauran rina a kaba. Kofi yana auna wurin da abu ya cika ne, sikeli kuwa nauyi yake aunawa. Shi ya sa kowane kayan haɗi yake da nasa adadin. Kofi ɗaya na farin sukari giram 200 ne. Kofi ɗaya na bota giram 227 ne, rabinsa 113, babban cokali ɗaya kuma giram 14. Waɗannan biyun ba su cika ba da wahala ba. Ƙwayoyin sukari suna gangarawa su zauna da kansu ko ta yaya aka zuba su, ita kuma bota dunƙule take, in an danna ta da kyau babu iska a cikinta.

Fulawa ce mai rikici. Garinta yana da laushi ƙwarai, kuma tsakanin ƙwayoyinsa akwai iska mai yawa. Idan ta daɗe a buhu ko a roba, nauyinta yana danne ta, iskar ta fice. Wanda ya cusa kofi cikin buhun ya kamfato, ya ƙara matse ta da ƙarfin hannunsa, sai kofin ya ɗauki giram 140, wani lokaci har 150. Wanda kuwa ya fara motsa fulawar da cokali ta saki jiki, ya riƙa zubawa cikin kofi kaɗan-kaɗan har ta yi tozo, sannan ya share saman da bayan wuƙa, zai sami giram 120 zuwa 125. Girgiza kofin ko buga gindinsa a tebur yana mayar da hannun agogo baya, domin garin zai sake zama. Fulawar da aka tankaɗe kafin awo kuma ta fi duka rashin nauyi.

Mu ɗauki kek ɗin da aka ce a sa masa fulawa kofi 3, sukari kofi ɗaya da rabi, bota kofi ɗaya. Sai a ninka kowanne da nasa adadin. Fulawa, 3 sau 120, ta ba da giram 360. Sukari, 200 da rabinsa, giram 300. Bota giram 227. In mai giram 250 aka saya, a yanke kimanin giram 23 a ajiye. To, da a ce kamfata aka yi, kowane kofi ya ɗauki giram 140, fulawar za ta kai 420. An ƙara giram 60 ke nan ba a sani ba, wato rabin kofi cur, alhali ƙwai da madara da bota suna nan yadda suke.

Alamar tana bayyana tun a kwano: kwaɓin zai yi kauri, ya ƙi zubowa daga cokali. Bayan an gasa, kek ɗin zai yi tozo ya tsage a sama, cikinsa ya bushe yana marmashewa, ya riƙa tsayawa a maƙogwaro. Galibi tanda ake ɗora wa laifi, nan kuwa awo ne.

Akwai iyaka ga wannan lissafi. Ba kowane marubucin girki ne ke nufin giram 120 da kofinsa ba. Wasu kamfata suke yi, a kan 140 suka gina tsarinsu. Saboda haka in marubucin ya bayyana yadda yake awo, ko ya rubuta giram a gefe, a bi nasa. In bai faɗa ba, a fara da 120, domin ƙara fulawa cokali-cokali a kwaɓin da ya yi ruwa abu ne mai sauƙi, cire ta kuwa ba ya yiwuwa.

Da ƙaramin sikelin kicin mai batir, aikin ya fi sauri. A ɗora kwano, a danna maɓallin TARE lamba ta koma sifili, a zuba fulawa har 360, a sake dannawa kafin abu na gaba. Ranar da kek ya fito yadda ake so, a rubuta giram ɗin a littafi. Mai yin na sayarwa za ta maimaita shi daidai, kuma za ta san kek nawa buhunta zai fitar.