Gudan Jini a Jijiyar Ƙafa: Har Yaushe Za a Sha Maganin?

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura ɗayar kuma tana nan lafiya lau, abin da ya fi zuwa wa mutanenmu a rai shi ne targaɗe, ko sanyi, ko an taka wani abu. Sai a nemi mai tausa, ko a ɗauko man zafi a yi ta murzawa. A mafi yawan lokuta ba abin da ke biyo baya. Amma a cikin masu irin wannan kumburi akwai waɗanda jini ne ya daskare musu a babbar jijiyar da ke can cikin naman ƙafa, wadda ke mayar da jini zuwa zuciya. Likitoci na taƙaita sunan cutar da DVT. Haɗarinta ba a ƙafar ya tsaya ba. Gudan jinin na iya ɓallewa ya bi jijiya ya ratsa zuciya ya je ya toshe hanyar jinin huhu, mutum yana zaune numfashinsa ya sarƙe. Irin wannan ƙafa ba a murza ta, asibiti ake kai ta.

Tun a ƙarni na 19 likitan nan Bajamushe, Rudolf Virchow, ya yi aiki a kan yadda gudan jini ke tasowa daga jijiya ya isa huhu, kuma da sunansa ake kiran dalilai ukun da ake koyar wa ɗaliban likita har yau. Jini kan daskare idan ya rage gudu, ko jikin jijiyar ya ji rauni, ko shi kansa jinin ya zama mai saurin daskarewa. Wanda ya karye aka ɗaure masa ƙafa ya kwanta makonni, jininsa ya rage gudu, domin motsin naman sha-raɓa ne ke tura jini sama. Haka wanda ya kwana a zaune cikin mota daga Kano zuwa Legas bai miƙe ƙafa ba. Wanda aka yi wa tiyata ya haɗa kwanciya da rauni. Mai juna biyu da mai jego kuwa, jikinsu da kansa yake ƙara wa jini saurin daskarewa don tsare su daga zubar jini wajen haihuwa. Ciwon daji, da sikila, da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin, duk suna ƙara wannan haɗari.

Mu ɗauki misalin mace mai shekara 32 da aka ciro wa ɗa ta hanyar tiyata. Kwana goma bayan haihuwa, an sha suna an watse, sai ta ji ƙafarta ta hagu ta yi nauyi, sha-raɓarta na ciwo kamar an ɗaure, musamman in ta taka. Da aka taɓa, ta fi ta dama ɗumi. Littattafan likitanci na cewa wurin kan yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai a ga fatar ta ƙara duhu ko tana sheƙi. Don haka likita ba ya dogara da ido kaɗai. Yakan ɗauko tef ya auna kaurin ƙafafun biyu a wuri ɗaya, santimita 10 ƙasa da ɗan tudun ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa. A ce ta dama ta ba da 35, ta hagu 39. Bambancin da ya kai santimita 3 ko ya wuce abin lura ne. Kumburin da ciwon zuciya ko na ƙoda ke kawowa kan kama ƙafafu biyu tare. Wannan kuwa ɗaya yake kamawa.

Duk da haka, alamomin nan ba su isa a yanke hukunci ba. Ƙwayoyin cuta da suka shiga fata, ko tsagewar nama, ko ƙullutun ruwa da ya fashe a bayan gwiwa, duk suna iya kama da wannan. Akwai gwajin jini da ake kira di-daima, wanda amfaninsa shi ne kore zato: idan likita bai zargi cutar sosai ba kuma gwajin ya fito ƙasa, sai a sallami mutum. Amma ga wannan mai jego ba zai amfana ba, domin tiyata da haihuwa su kaɗai sun isa su ɗaga shi. Ita sikanin za a tura ta kai tsaye.

Na'urar ita ce dai wadda ake duba cikin masu juna biyu da ita, sai dai kan da ake ɗorawa a fata ya bambanta. Za a kwantar da ita, a shafa man nan mai sanyi a matsematsi, mai sikanin ya nemo babbar jijiyar cinya a allo. Daga nan sai ya danna. Wannan dannawar ita ce gwajin gaba ɗaya. Lafiyayyar jijiya mai mayar da jini tana lotsewa ta haɗe baki, kamar tiyon da ba a kunna wa ruwa ba, alhali jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, wadda ke kwance kusa da ita, tana nan a buɗe tana bugawa. Idan aka danna jijiyar ta ƙi haɗewa, to akwai abin da ya cika ta. Haka zai riƙa bi yana dannawa har bayan gwiwa. Yana iya kunna launi a allon don ya ga ko jini na wucewa. Gwajin ba ya da zafi, ba allura, ba kuma hasken da zai cutar da jariri.

Yana da iyakarsa. A cinya da bayan gwiwa da wuya ya kuskure, amma ƙananan jijiyoyin sha-raɓa sun fi wuyar gani, haka ma waɗanda ke can cikin ƙugu. Idan an duba daga matsematsi zuwa gwiwa kawai ba a ga komai ba, alhali zargin na da ƙarfi, ƙa'ida ita ce a maimaita bayan mako guda, domin ƙaramin guda na iya hawowa sama cikin waɗannan kwanaki. Wanda aka ce wa ya dawo, ya dawo. Idan kuma ba za a samu sikanin a ranar ba, likita kan fara magani kafin a tabbatar.

A misalinmu, jijiyar cinyar ta ƙi lotsewa. Za a fara mata allurar hefarin irin wadda ake yi a ƙarƙashin fata, inoksafarin, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyinta sau biyu a rana. In tana da kilo 70, miligiram 70 ke nan safe da dare. Da yake tana shayarwa, ƙwayar da ta dace da ita ita ce wafarin. Wafarin ba ya kama jiki da wuri, don haka ana haɗa shi da allurar aƙalla kwana 5, har sai gwajin jini na INR ya nuna tsakanin 2 da 3. Ƙasa da 2 maganin bai isa ba, sama da 3 haɗarin zubar jini na ƙaruwa. Da a ce tana da ciki ne, allurar kaɗai za ta yi ta yi, domin wafarin na nakasa ɗan tayi. Waɗanda ba su da ciki ba sa shayarwa suna da zaɓin sababbin ƙwayoyi da ba sa buƙatar yawan gwaji, irin su ribaroksaban, wanda ake fara shi da miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan a koma 20 sau ɗaya tare da abinci. Matsalarsu tsada.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ya fi damuna. Bayan mako biyu ko uku kumburi ya saɓe, ciwo ya tafi, kuɗin magani da na gwaji sun fara nauyi, sai a ce an warke a ajiye ƙwayar. Alhali maganin ba ya narkar da gudan jinin. Aikinsa shi ne hana shi girma da hana sabo tasowa, jiki kuwa da kansa yake cinye tsohon sannu a hankali cikin watanni. Saɓewar kumburi sau da yawa alama ce kawai cewa jini ya samu ƙananan hanyoyin zagayawa. Wanda ya daina magani a watan farko ya daina ne a lokacin da haɗarin dawowar cutar ya fi yawa.

Mafi ƙarancin lokaci ga gudan da ya kai gwiwa ko cinya wata 3 ne. Bayan nan, abin da ke yanke hukunci shi ne amsar tambaya ɗaya: me ya jawo shi? Mai jegon nan dalilinta sananne ne kuma mai wucewa ne, wato ciki da tiyata. Idan ta cika wata 3, za a tsayar mata. Haka wanda ya karye ya warke ya koma takawa. A cikin waɗanda tiyata ta jawo wa, kimanin mutum 3 cikin 100 ne kawai cutar ke dawo wa cikin shekara 5. Ita dai mai jegon za ta riƙe abu biyu: ta guji ƙwayoyin tazara masu istirojin, kuma duk ranar da ta sake samun ciki ta faɗa wa masu awo da wuri, domin wataƙila a sa ta a allurar kariya.

Lamarin ya sha bamban ga magidancin da yana cikin harkokinsa, bai yi tafiya ba, bai kwanta ciwo ba, ƙafa ta kumbura haka kawai. Tunda ba a san abin da ya kawo gudan ba, ba a san ko ya tafi ba. A irinsu, idan aka tsayar da magani, kusan mutum 1 cikin 10 cutar na dawo masa a shekarar farko, kusan 3 cikin 10 cikin shekara 5, kuma maza sun fi mata. Shi ya sa likita kan ba irin wannan mutum shawarar ya ci gaba da shan magani ba tare da an sa ranar dainawa ba, ana sake duba lamarin duk shekara. Wanda ya samu karo na biyu ba dalili, shi ma haka. Mai ciwon daji kuwa yana sha muddin ciwon na nan ko ana kan yi masa magani. Abin da ake ɗorawa a ɗaya gefen ma'aunin shi ne haɗarin zubar jini: tsoho tukuf, ko mai gyambon ciki da ya taɓa zubar da jini, ko mai ciwon ƙoda, ana iya tsayar masa a wata 3 ko da ba a gano dalili ba.

Mai shan waɗannan magunguna sai ya yi hattara da abin da ya saba ɗauka ba komai ba. Asfirin da daikulofenak da ibufurofen da ake saya a kemis don ciwon jiki suna ƙara zubar jini. Ƙaho da tsaga wurin wanzami sai a haƙura da su. Ga mai shan wafarin, zogale da alayyahu da kabeji suna da bitamin K da ke rage ƙarfinsa. Ba a ce ya daina ci ba, amma ya riƙa ci daidai wa daida, kada yau ya cika kwano ya yi wata bai taɓa ba. Maganin tarin fuka, rifamfisin, yana karya ƙarfin wafarin da sababbin ƙwayoyin duka, don haka dole likitocin biyu su san da juna. Haɓon da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, jini a fitsari, ko ciwon kai mai tsanani bayan faɗuwa, duk na komawa asibiti ne a ranar.

Wanda kuma ƙafarsa ta kumbura sannan ya fara haki, ko ƙirji na sukarsa in ya ja numfashi, ko ya yi tari da jini, kada 'yan uwansa su jira gari ya waye. A ɗauke shi a kai shi sashen gaggawa, a kuma faɗa wa likita batun ƙafar tun daga bakin ƙofa.