Maganin Ƙarfin Maza na Bakin Tasha: Araha Mai Tsada

LEGAS — Duk ɗan kasuwar da ke sauka a tashoshin motar Legas ko Anacha ya saba ganin masu tallar maganin ƙarfin maza da lasifika, suna rantsuwa cewa tsiminsu saiwoyi ne zalla. A yau wannan ciniki ya bazu zuwa shafukan sada zumunta, inda mai saye kan tura kuɗi ga wanda bai san sunansa ko shagonsa ba. Babban haɗarin kuwa shi ne abin da ba a rubuta a jikin kwalbar ba.

Lissafin mai haɗa irin wannan tsimi a fili yake. Ribarsa na ga mai saye ya dawo, shi kuwa ba ya dawowa sai ya ga aiki a daren farko. Saboda haka marasa tsoron Allah kan zuba garin sildenafil, wato sinadarin ƙwayar Viagra da ta shiga kasuwa a 1998, su kira shi na gargajiya. Tun da mai saye ba shi da hanyar gane abin da ke ciki, gauraye kan kori mai tsabta daga kasuwa, domin shi ne ke yin suna.

Sildenafil na gaskiya kan zo a awo uku: miligiram 25, 50 da 100, kuma ba a sha fiye da sau ɗaya a rana. Aikinsa shi ne buɗe hanyoyin jini. A kwalbar bakin tasha kuwa babu awo, garin yana iya kwantawa a ƙasa, kurɓar ƙarshe ta ninka ta farko ƙarfi.

Alal misali, a ɗauki magidanci ɗan shekara 55 wanda likita ya ɗora a kan isosorbide saboda ciwon ƙirji. Wannan magani shi ma buɗe hanyoyin jini yake yi, shi ya sa aka haramta haɗa shi da sildenafil. Da a asibiti ne, da an tambaye shi abin da yake sha, an hana shi. Amma ya sha tsimi da sakin jiki, yana zaton ganye ne. Cikin sa'a guda bugun jininsa na iya faɗuwa warwas: jiri, gumi mai sanyi, suma, wani lokaci har bugun zuciya. In an kai shi asibiti, iyalinsa za su ce bai sha komai ba sai na gargajiya, likita ya rasa bakin zaren.

Wani lokaci ma abin da ke ciki ya wuce sildenafil. A shekarar 2008, asibitocin Singafo sun kwantar da mutum 150 da ba su da ciwon suga, amma sugan jininsu ya faɗi matuƙa. Bincike ya gano maganin ciwon suga, glibenclamide, a cikin jabun ƙwayar Cialis da wasu magungunan ƙarfin maza uku da ake cewa na ganye ne. Mutum huɗu sun rasu.

Akwai alamomin da ke tona asiri. Tsimin da ya yi aiki cikin sa'a guda, tare da ciwon kai, toshewar hanci, zafin fuska ko ganin shuɗi-shuɗi, abin zargi ne, domin waɗannan halayen sildenafil ne. In gaba ya miƙe fiye da sa'a huɗu, sai asibiti nan take, domin jinkiri na iya kashe shi har abada.

Lambar NAFDAC a jikin kwali ma ba hujja ba ce, tun da kowace maɗaba'a na iya buga ta. Sai a duba ta a rumbun hukumar mai suna Greenbook, a ga ko sunan magani da na kamfani sun dace. A kuma lura cewa lambar da ta ƙare da harafin L, irin ta magungunan ganye, tana nuna an duba rashin illarsa ne kawai, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba.

Ga masu sarin kaya kuma, dokar jabun magunguna ta 1999 ta hana tallar magani a kasuwa, cikin mota ko duk inda ba shi da lasisi. A watan Fabrairu na 2025 NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota, Anacha da Aba na makonni, jarin mai gaskiya da na mai jabu duk suka kwanta tare.

Daga ƙarshe, raunin gaba sau da yawa shi ne sallamar farko ta ciwon suga, hawan jini ko toshewar jijiyoyin zuciya. Wanda ya rufe bakinsa da tsimi ya kori ɗan aike ne, saƙon kuwa yana nan tafe. Kuɗin gwajin suga da awon jini bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.