Albashin ƙarshen wata: ina sauran kuɗin suka tafi?

An ɗauki wani direban kamfani aiki a Maradi kan albashin jika 100 a wata. Ƙarshen wata ya yi, aka ƙirga masa jika 91 da 'yan kai. Ya ce an cuce shi. To, ku zo mu duba littafin kwantabul tare. Ku tuna, a takarda da tamma ake rubuta kuɗi, ba da dala ba. Jika guda tamma 1.000 ke nan.

Da fari kwantabul yana rubuta albashin gaba ɗaya, tun ba a taɓa shi ba: 100.000. Daga ciki yana cire abu biyu. Na ɗaya shi ne kason fansho da ake kai wa asusun CNSS, domin ranar tsufa. A Nijar ma'aikaci yana ba da 5,25 cikin ɗari, watau 5.250. Na biyu shi ne lanhon albashi na gwamnati. Shi wannan ba ɗaya ba ne ga kowa: yana hawa in albashi ya hau, yana sauka ga mai iyali. Mu ce na direbanmu ya kama 2.850. Abin da ya rage, 91.900, shi ne ya shiga hannunsa.

Akwai layi na huɗu, wanda ma'aikata da yawa ba su san da shi ba. Shi ma mai kamfani yana zuba nasa kaso ga CNSS, 16,40 cikin ɗari, watau 16.400. Kuɗin nan na fansho ne, da tallafin iyali, da hatsarin wurin aiki. Daga aljihun kamfani yake fita, bisa kan albashi ake aza shi. Ashe direban jika 100 yana ci wa kamfani 116.400 kowane wata.

Littafin yana da gefe biyu. A hagu ana rubuta abin da aikin ya ci: 100.000 da 16.400. A dama ana rubuta masu bin kamfani bashi: direba 91.900, gwamnati 2.850, CNSS kuma 21.650, don kason mutum biyu ne aka gama. Ku tara da kanku. Gefen nan biyu tilas su yi daidai, 116.400. In ba su yi ba, akwai kure.

Amma littafi yana iya yin daidai a cuci mutum. Wani ya kan cire kuɗin fansho, ya rubuta, bai kai ba. Ba a ganewa sai tsufa ya zo. Wani kuma ya kan ɗora wa ma'aikaci kason kamfani. In albashinka jika 100 ne, ka ga an cire maka fiye da 5.250 da sunan CNSS, ka tambaya. Ka adana takardun albashinka, ka riƙe lambarka ta CNSS, ka riƙa zuwa ofishinsu kana duba ko watanninka sun shiga.