Labari Daga Hoto Guda Na Kasuwa

A cikin darussan koyon rubuta gajeren labari akwai wani mai wuyar sha'ani. Za a ba ka hoto ɗaya, a ce ka ƙago labari, amma da sharaɗin kada ka kawo abin da ido bai gani a ciki ba.

A ce hoton daga Kasuwar Rimi ta Kano aka ɗauko shi, ɓangaren masu awo. Ga dattijo zaune a kan buhu, gabansa daron gero. Ya cika kwano har ya yi tsororuwa, amma bai juye ba. Yarinya na tsaye, leda a buɗe a hannun hagu, takardar naira 200 mai hoton Sardauna a dunƙule a hannun dama. Inuwarta gajeriya ce, ta taru a gindin ƙafarta.

Mai gaggawa zai fara da cewa marainiya ce, kishiyar uwa ta aiko ta. A ina ya ga haka? Hoto ba ya nuna maraici, ba ya ɗaukar murya, bai san abin da ya faru jiya ba. Ko ciniki, da "albarka" da "na sallama", kunne ne ke jin su. Hanyar gane kuskuren mai sauƙi ce: karanta kowace jimla, ka ɗora yatsa a kan hoton inda take. Wadda yatsa ya rasa mata wuri, a soke ta.

To ina labarin zai fito? Daga abubuwa biyu da ba su jitu ba. Kwanon cike yake, kuɗin kuwa kaɗan ne, kuma har yanzu tana riƙe da su. Nan ya kamata marubuci ya tsaya ya daɗe. Gajeriyar inuwa ta riga ta ba shi lokaci: rana ta take tsaka. Sai ya rubuta:

"Rana tsaka, kwano ya cika ya tsaya a sama. Bakin ledar a buɗe yake, hannun yarinyar a rufe. Gefen ɗari biyu ya leƙo ta tsakanin yatsunta. Dattijo ba ledar yake kallo ba, hannun yake kallo."

Ba a ambaci talauci ko tausayi ba, amma mai karatu ya riga ya fara tambayar kansa: zai juye, ko zai rage? A ganina wannan ya fi shafi biyu na koke-koke.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Ba ta ɗaukar dogon labari, domin hoto ƙiftawar ido ɗaya ce, kuma abin da mai kyamara ya yanke a gefe ya tafi ke nan. Sannan waɗanda ke ciki mutane ne na gaske. Idan ka ga hannun wani kusa da aljihun wani, rubuta hannu da aljihu. Kada ka kira bawan Allah ɓarawo saboda labarinka ya yi armashi.