Kafin Nas Ta Miƙa Takardar Ajiye Aiki

Takardar da nas ke rubutawa idan za ta bar asibiti ta tafi ƙaro ilimi ba ta cika shafi ɗaya ba, amma kuskuren kwanan wata a cikinta kan ci albashin wata guda.

A ɗauka wata nas ce a asibitin gwamnatin tarayya ta samu gurbin digirin jinya a jami'a, za a fara karatu ranar 1 ga Oktoba. Tambayar farko da metron za ta yi mata ita ce, "Kin nemi hutun ƙaro karatu?" Dokokin aikin gwamnati a Nijeriya sun tanadi wannan hutu, akwai mai albashi da marar albashi, kuma a dukkansu kujerar ma'aikaciya tana nan tana jiranta. Wadda ta ajiye aiki kuwa ta saki kujerar ke nan. In ta dawo da digirinta, sai ta bi layin masu neman aiki. Shi ya sa masu dabara ba sa rubuta takardar sai an hana su hutun.

In har tafiyar ta zama dole, ƙa'ida ita ce a ba da notis na wata ɗaya, ko a biya albashin wata ɗaya a madadinsa. Don haka nas ɗin nan za ta miƙa takardarta kafin Agusta ya ƙare, ta rubuta ƙarara cewa 30 ga Satumba ce ranarta ta ƙarshe a bakin aiki. In ta yi sakaci har tsakiyar Satumba, ko dai ta makara a makaranta ko ta biya.

Shugaban asibiti ake rubuta wa, amma ta hannun mai kula da ɗakin da take aiki da shugabar sashen jinya, domin su ne za su gyara jadawalin aikin dare da rana. A ciki za ta sa sunanta, lambar fayil, matsayinta, dalilin tafiya a jimla ɗaya, da alkawarin damƙa abin da ke hannunta, kamar makullin kabad ɗin magunguna masu ƙarfi irin su mofin da littafin lissafinsu. Ƙorafi kan ƙarancin albashi ba nan ne wurinsa ba, don takardar a fayil za ta zauna.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsohon alkawari. Wadda asibiti ya taɓa ɗaukar nauyin karatunta, ta sa hannu za ta yi masa aiki na wasu shekaru, sai ta cika su ko ta mayar da kuɗin. Wadda kuma ta miƙa takarda ta daina zuwa kafin wa'adi, ana iya rubuta ta a matsayin wadda ta gudu daga aiki. Maganin wannan shi ne ta karɓi kwafi mai hatimin ofis da kwanan wata, ta kuma bi sawun takardar amincewa har ta shigo hannunta, domin ita ce shaidar da asibitin gaba zai iya nema.