Wasiƙar Neman Banki Ya Sake Tsara Biyan Bashi

Sake tsara bashi yarjejeniya ce tsakanin banki da wanda ya ci rance, inda ake canza sharuɗɗan biya saboda tsarin farko ya fi ƙarfin mai biya. Bashin yana nan daram, ba a yafe ko kwabo ba. Abin da ke canzawa shi ne tsawon wa'adi, ko yawan abin da ake zubawa duk wata, ko a ɗaga wa mutum ƙafa na 'yan watanni yana biyan kuɗin ruwa kawai. A bankunan Najeriya, ana buɗe wannan magana da wasiƙa zuwa ga manajan reshe, yawanci ta hannun jami'in da ke kula da asusun mutum. Manajan ba shi ke yanke hukunci ba. Takardar takan wuce zuwa kwamitin lamuni, wurin mutanen da ba su taɓa ganin mai bashin ba, ba su san shagonsa ba, ba su san mutuncinsa a unguwa ba. Abin da ke gabansu kawai shi ne wasiƙar da lissafin da aka liƙa mata, don haka dole lissafin ya yi maganar da mai shi zai yi da bakinsa.

Lokacin rubuta wasiƙar yana da nauyi kusan daidai da abin da ke cikinta. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, bashin da aka wuce kwana 90 ba a biya ba yana shiga sahun basussukan da suka lalace, kuma daga nan sai banki ya ware wani kaso na kuɗinsa a matsayin tanadin asara. Sunan mai bashin kuma ya tafi ga kamfanonin da ke adana tarihin masu cin rance, irin su CRC da FirstCentral, inda kowane banki zai iya gani. Tun daga watan Agustan 2020 akwai kuma tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya ciro kuɗinsa daga asusun mai bashi a wasu bankuna. Wanda ya rubuta tun kafin ya fara saɓa biya, ko a watan farko da ya saɓa, yana magana ne da bankin da bai yi asarar komai ba tukuna. Wanda ya yi shiru wata huɗu yana ƙin ɗaga waya, takardarsa takan tarar an riga an miƙa fayil ɗinsa ga sashen ƙwato bashi, su kuwa aikinsu daban ne.

Ginshiƙin wasiƙar shi ne lissafin shige da ficen kuɗi, kuma a nan ne 'yan kasuwa da yawa ke tuntuɓe, domin suna kawo lissafin riba a madadinsa. Riba tana ƙirga duk abin da aka sayar, har da kayan da aka bayar bashi. Shige da fice kuwa yana ƙirga kuɗin da ya iso hannu a wannan watan da wanda ya fita a wannan watan. Mai shago zai iya cin ribar miliyan ɗaya a littafi alhali rabinta tana hannun dillalan da suka ce sai bayan salla. Banki ba ya karɓar alkawarin dillali ranar biya.

A ɗauki misalin mai ƙaramin injin casar shinkafa a yankin Kura. Saura naira miliyan 12 a kansa, kuɗin ruwa kashi 30 cikin 100 a shekara, kuma saura wata 12 wa'adi ya cika. A wannan tsari yana biyan kusan naira miliyan 1.17 duk wata. Da ya zauna da takardar bayanan asusunsa ta wata 12 da suka wuce, sai ya ga a matsakaici miliyan 9 ke shigowa a wata. Daga ciki miliyan 6.2 na tafiya wajen sayen shanshera, dubu 900 man gas da wutar lantarki, dubu 500 albashin ma'aikata, dubu 300 buhuna da dako da gyaran inji, dubu 200 kuma cefanen gidansa. Jimillar fita miliyan 8.1 ke nan, saura dubu 900. Abin da banki ke jira ya ɗara abin da ya rage da dubu 270 kowane wata. Wannan giɓin shi ne dukan dalilin wasiƙar, kuma ya kamata ya fito a shafin farko.

(Cefanen gida da aka sa cikin lissafin ba kuskure ba ne. Masu neman su burge banki sukan cire shi, amma ma'aikacin lamuni ya san mai iyali ba iska yake ci ba, kuma zai ga ana zare kuɗin a asusu ko an rubuta ko ba a rubuta ba.)

Ma'aikacin banki yakan raba abin da ya rage da abin da za a biya, don ya ga ko kuɗin ya rufe biyan. A nan dubu 900 a raba da miliyan 1.17 ya ba da 0.77, wato ƙasa da ɗaya, alamar kasuwancin ba ya iya ɗaukar nauyin. Idan aka ja wa'adin zuwa wata 18, biyan wata ya sauko zuwa kusan dubu 836, ma'aunin ya koma 1.08. A takarda ya wuce ɗaya, amma rarar dubu 64 ce kawai, kuma ƙonewar moto ɗaya a injin ta isa ta cinye ta. Idan aka kai wata 24, biyan ya zama kusan dubu 671, ma'aunin ya hau 1.34, ga rarar da za ta iya shanye ƙaramar matsala. Saboda haka wata 24 ya kamata ya nema, kuma ya nuna a wasiƙar cewa ya gwada wata 18 ya ga ba ta tsaya ba. Mai neman abin da ya gaza buƙatarsa don jin kunya yakan dawo bayan wata biyar da wasiƙa ta biyu, ita kuwa ta biyu ba ta samun karɓa irin ta farko.

Matsakaici yana ɓoye abu ɗaya: sana'ar shinkafa ba ta tafiya bai-ɗaya duk shekara. A misalin nan, daga Yuli zuwa Satumba shanshera takan yi tsada ta yi ƙaranci kafin sabuwa ta shigo, abin da ke rage masa ya faɗo zuwa dubu 400 a wata. Shi ya sa ake jera lissafin wata-wata, shekarar da ta wuce da kuma hasashen mai zuwa. Idan a watan Yuni yake rubutu, sai ya roƙi a bar shi ya biya kuɗin ruwa kawai na wata uku, wato dubu 300 a wata, sannan daga Oktoba ya fara zubin dubu 671. Kwamiti zai tambaya yadda zai yi da damina mai zuwa, don haka gara amsar ta riga tambayar: giɓin waɗannan wata ukun ya kama dubu 813, kuma zai riƙa ware shi daga rarar watannin kaka ya bar shi a asusun da ke bankin.

Jikin wasiƙar bai kamata ya wuce shafi ɗaya da rabi ba. Da Turanci ake rubuta ta, tunda shi ne harshen takardun banki, amma wanda zai sa hannu ya tabbata ya fahimci kowace lamba, domin shi za a yi wa tambayoyi ba wanda ya buga masa ba. Ana farawa da suna, lambar asusu, ranar da aka karɓi rancen, adadinsa da abin da ya rage. Sai dalilin matsalar a jimla biyu ko uku, da shaidar da za a iya dubawa. "Kasuwa ta yi nauyi" ba dalili ba ne. Dalili shi ne a ce kuɗin dako da na makamashi sun tashi daga kaza zuwa kaza bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ga rasitai. Daga nan sai buƙatar kanta, a fili: "Ina neman a ba ni damar biyan kuɗin ruwa kawai daga Yuli zuwa Satumba, sannan a raba ragowar naira miliyan 12 a kan wata 24 daga Oktoba." A ƙarshe sai abin da mai bashin ya yi da kansa, kamar daina ba dillalai kaya bashi fiye da mako biyu, ko sayar da tsohuwar motar da ba ta aiki a zuba kuɗin kan uwar bashi.

Abin da ya fi kashe irin wannan buƙata shi ne lissafin da bai yi daidai da takardar asusu ba. Mutum ya rubuta miliyan 9 na shigowa, banki ya duba ya ga miliyan 4 kawai ke bi ta asusunsa. Sau da yawa ba ƙarya ba ce: sauran cinikin tsabar kuɗi ne, ko yana faɗawa wani asusu ta na'urar POS. Sai dai in ba a bayyana haka ba, aka kuma haɗa da takardun ɗayan asusun da littafin ciniki, kwamiti zai ɗauka ko an kumbura lamba ko ana karkatar da kuɗi. Haka nan hasashen da ke nuna ciniki zai ninka cikin wata shida ba tare da kwantiragi ko sabon inji ba. Ɓoye wani bashin da ake bin mutum a wani wuri ma ɓata lokaci ne, tunda bincike ɗaya a tarihin rance zai fito da shi.

Sauƙin da ake samu yana da farashi, kuma ya dace mai nema ya ƙirga shi kafin ya sa hannu. A tsohon tsari mai injin zai biya jimillar kusan miliyan 14. A sabon, da dubu 900 na watannin ɗaga ƙafa da miliyan 16.1 na wata 24, ya kama miliyan 17, ƙarin kusan miliyan 3. Banki kan caji kuɗin sake tsari sau ɗaya, yana iya neman ƙarin jingina, kuma yakan so wanda ya tsaya wa mai rance ya sake sa hannu a kan sababbin sharuɗɗan. A bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, lissafin ya bambanta: idan cinikin murabaha ne, farashin da aka ƙulla tun farko ba a ƙara shi don an tsawaita lokaci, saboda haka tattaunawar takan tsaya a kan jadawalin biya da jingina.

Ana kai wasiƙar kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa mai kwanan wata, mai ita ya riƙe. Miƙa takarda ba ya dakatar da tsohuwar yarjejeniya: kuɗin ruwa da tarar jinkiri suna ci gaba da hawa har ranar da banki ya fitar da sabuwar takardar tayi aka sa mata hannu. A tsakanin nan mai bashi ya ci gaba da zuba abin da ya ce zai iya, ko da dubu 300 ɗin ne, domin kwamiti yakan sake duba asusun kafin ya zauna. Idan tayin ya fito, sai a gwada shi da abin da aka nema layi-layi: adadin da aka mayar uwar kuɗi, ko an cusa tsohuwar tara a ciki, ko kuɗin ruwan tsayayye ne ko mai bin sauyin kasuwa, da ranar da zubin farko zai faɗo.