Allon Bayanai: Alƙaluman Yanzu Ko Na Ɗazu?

A kamfanoni da ma'aikatu da yawa, manaja ya daina jiran rahoton takarda. Yana buɗe allon bayanai, wato dashbod, ya ga cinikin rana da kayan da suka rage a sito cikin zane-zane. Abin da ba kowa ke tambaya ba shi ne: alƙaluman nan na yaushe ne? Amsar tana ga zaɓin da mai gina allon ya yi tun farko.

Hanyoyi biyu ne. A ta farko, manhajar tana kwaso kwafin bayanai daga rumbun kamfani, ta matse su, ta ajiye a wurinta. A ta biyu ba ta ajiye kwafi. Duk lokacin da aka buɗe shafi sai ta aika tambaya rumbun, ta jira amsa. A Power BI na kamfanin Microsoft ana kiran su `Import` da `DirectQuery`, a Tableau kuma `Extract` da `Live`. Kamar mai shago ne da aka tambaye shi buhun shinkafa nawa ya rage: ko ya duba littafin da ya rubuta da safe ya amsa nan take, ko ya shiga sito ya ƙirga, mai tambaya na tsaye.

A ɗauka wani dilan kayan masarufi yana da rassa talatin, kowane da manajansa, kuma shafin allonsa na da zane goma. Idan ya zaɓi kwafi a lasisin Pro na Power BI, sau takwas kawai zai iya tsara sabunta bayanai a rana. In ya raba su daga ƙarfe takwas na safe zuwa goma na dare, tazarar awa biyu ke nan. Allon zai buɗe cikin ƙiftawar ido, domin lissafin a kan kwafin ake yin sa. Amma in an sayar da katan ɗari na taliya da ƙarfe goma da kwata, allon zai ci gaba da nuna suna nan har bayan sha biyu. Manajan wani reshe na iya yi wa abokin ciniki alkawarin kayan da tuni suka hau mota.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Idan rumbun yana cikin ofis, sabuntawar tana bi ta wata manhaja da ke kan kwamfutar ofishin. Aka ɗauke wuta ko intanet ta yanke, sabuntawa ta faɗi, amma allon zai buɗe lafiya lau da alƙaluman jiya. In ta faɗi sau huɗu a jere, Power BI na dakatar da jadawalin gaba ɗaya. Shi ya sa ƙwararru ke rubuta lokacin sabuntawa na ƙarshe a saman shafi, suna kuma leƙa `Refresh history` a kai a kai.

To, in dilan ya koma haɗin kai tsaye fa? Cinikin goma da kwata zai bayyana da zarar an sake loda shafin. Sai dai kowane zane na aika aƙalla tambaya ɗaya. Manajoji talatin suka buɗe shafin da safe, tambayoyi 300 ke nan sun sauka a kan rumbun da masu karɓar kuɗi ke rubuta ciniki a cikinsa. Duk wanda ya sauya wata ko reshe, wasu goma sun ƙaru. Allon ya yi nauyi, layi a gaban kanta ma ya tsaya. Microsoft na ba da shawarar zane ya fito cikin daƙiƙa 5, kuma tambayar da amsarta ta haura layi miliyan ɗaya ba ta wucewa. Mai son gano zanen da ke jan ƙafa sai ya kunna `Performance analyzer`, ya ga daƙiƙun da kowanne ya ci.

Wannan dila ba sai ya zaɓi hanya ɗaya ga komai ba, domin Power BI na barin a haɗa biyun. Tarihin cinikin shekaru ba ya sauyawa, don haka kwafin da ake sabuntawa da dare ya wadatar. Teburin kayan da ke sito ƙarami ne kuma yana sauyawa kowane minti. Shi ya cancanci haɗin kai tsaye, a shafi mai zane biyu ko uku.

Kafin a gina allo, a tambayi mai amfani da shi wace shawara zai yanke, kuma jinkirin awa nawa za ta jure. Rahoton ribar wata ba ya buƙatar haɗin kai tsaye. Alkawarin kaya ga abokin ciniki yana buƙatarsa.